Yadda za ka koya wa ɗan makaranta lissafin kwanakinsa a duniya

Yaron da ya kai aji huɗu ko biyar a firamare, ya iya tarawa da ɗebewa, ya kuma fara kama ninkawa, yana da duk abin da ake bukata don ya san kwana nawa ya yi a duniya. Abin da ke kayar da yara a wannan lissafi ba ninkawar ba ce. Wurare uku ne: inda za a fara ƙirga, shekarun da ke da ƙarin kwana, da guntun watannin da ke tsakanin ranar zagayowar haihuwarsa ta ƙarshe da yau. In ka bi da shi ta waɗannan wurare a hankali, zai fitar da amsar da hannunsa. Ni abin da na fi so ma shi ne ya iya gane da kansa ko amsar daidai ce, ba sai ya ɗago kai ya dubi fuskarka ba.

Zan bi misalin 'yar ƙanwata Jummai, wadda ke aji biyar a nan Garwa. Takardar haihuwarta ta nuna 14 ga Nuwamba 2014. Mun yi lissafin ne ranar 20 ga Mayu 2025, ranar bikin ƙasar Kamaru, da yake ba makaranta. Kai kuma sai ka sa ranakun naka yaron a gurbin waɗannan.

Kayan aikin ba su da yawa: takardar haihuwa, kalandar wannan shekara, allo da alli ko littafi da fensir. A ajiye waya gefe tukuna, lokacinta zai zo daga ƙarshe.

Fara da ƙanƙanin lissafi, kafin a taɓa shekaru

Kada ka fara da 365. Fara da abin da yaron ya sha gani a unguwa, wato suna. Tambaye shi: in an haifi jariri ranar Juma'a, yaushe za a yi suna? Zai ce Juma'a mai zuwa. Kwanansa nawa ranar sunan? Zai ce bakwai, don kowa ya san kwana bakwai ake yi. To sai ka ce ya nuna maka a kalanda, ya ɗora yatsa yana ƙirgawa.

A nan yawancin yara za su ɗora yatsa a kan Juma'ar haihuwar su ce ɗaya, Asabar biyu, su tafi har Juma'ar suna, sai su ga sun sami takwas. Bar shi ya ɗan yi mamaki. Sannan ka tambaye shi: ranar da aka haifi jaririn nan da hantsi, ya kwana a duniya? Bai kwana ba. Sai gari ya waye Asabar ne ake cewa kwanansa ɗaya. Saboda haka ranar haihuwa ba ta shiga ƙirga, a kanta ake tsayawa a fara takawa, kuma taku na farko yana sauka ne a kan washegari.

Ka daɗe a wannan wuri, ko da kana ganin abu ne mai sauƙi. Ba shi tambayoyi biyu ko uku irinsa. An haifi yaro 3 ga wata, yau 10 ga wata, kwanansa nawa? Bakwai, kuma zai lura cewa 10 a ɗebe 3 ne. An haife shi 14 ga wata mai kwana 30, kwana nawa zai yi kafin watan ya ƙare? 30 a ɗebe 14, saura 16. Wannan ɗebewar ita ce za ta dawo mana a gaba, kuma yaron da ya gan ta da yatsansa a kalanda ba zai riƙa ƙara ɗaya ko rage ɗaya bisa zato ba.

Kashi uku

Ka gaya masa za a kasa kwanakin kashi uku, kamar yadda mai tumatir ke kasawa a kasuwa, kowane kashi a wurinsa, sai a ƙarshe a haɗa. Ya ja layi biyu a allon daga sama zuwa ƙasa, ya sami gida uku. Gida na farko na cikakkun shekaru ne. Na biyu na ƙarin kwanakin Fabrairu. Na uku na guntun da ya rage har zuwa yau. Amfanin wannan rabo shi ne, in amsa ta fito ba daidai ba, za a san gidan da za a koma a duba, ba sai an goge allon gaba ɗaya ba.

Gida na farko: cikakkun shekaru

Da na tambayi Jummai shekarunta, sai ta rubuta 2025, ta ɗebe 2014, ta ce goma sha ɗaya. Kusan kowane yaro haka zai yi, kuma ɗebewar tasa ba ta da laifi. Sai na ce mata, "Jummai, Nuwamban bana ya zo?" Ta ce, "A'a Kawu, ai yanzu muke Mayu." Na ce to yaushe ne 14 ga Nuwamba ta ƙarshe da ta wuce? Ta yi shiru kaɗan, ta ce ta bara, 2024. Daga 14 ga Nuwamba 2014 zuwa 14 ga Nuwamba 2024, shekara goma ce cif.

Ka'idar ke nan da za ka ba yaro: ya nemo ranar zagayowar haihuwarsa ta ƙarshe da ta riga ta wuce, ya rubuta ta da cikakken kwanan wata a saman allon. In ranar ta riga ta wuce a bana, shekarar bana zai ɗauka. In ba ta zo ba tukuna, ta bara. Rubuta ranar a fili yana da muhimmanci, domin ita ce iyakar da ta raba gida na farko da na uku, kuma za mu sake bukatarta a gida na biyu.

Sai ninkawa. Kowace shekara a ba ta kwana 365. Ga Jummai abin ya zo da sauƙi, 10 sau 365, a ƙara sifiri a baya, 3650. Ga ɗan shekara tara kuwa, in ninkawar ta yi masa nauyi, a farfasa masa lambar: 9 sau 300 ya ba da 2700, 9 sau 60 ya ba da 540, 9 sau 5 ya ba da 45. A haɗa, 3285. Wanda bai kai ga ninkawa ba ma zai iya jera 365 sau tara ya tara, sai dai zai ɗauki lokaci, kuma ba laifi ba ne.

Gida na biyu: kwanan da Fabrairu ke ƙarawa

A nan ne yaro zai tambayi dalili, kuma ya kamata a ba shi amsa ta gaskiya. Duniya tana zagaya rana a cikin kwana 365 da kusan awa shida. Kalanda ba ta da inda za ta sa awa shida, sai ta bar su suna taruwa. Tambaye shi: awa shida sau huɗu nawa ne? Ashirin da huɗu. Awa ashirin da huɗu kuma kwana ɗaya ne. Shi ya sa duk bayan shekara huɗu ake ƙara wa Fabrairu kwana ɗaya, ya zama 29 maimakon 28, shekarar ta zama kwana 366. Da ba a yin haka, da a hankali watanni sun zame daga lokutansu, har a wayi gari zafin da muka sani na Afrilu yana faɗowa a wani watan daban.

Yadda ake gane irin wannan shekara: lambarta tana rabuwa da huɗu ba saura. Ga yaro, hanya mafi sauƙi ita ce ya dubi lambobi biyu na ƙarshe, ya raba biyu, ya sake raba biyu. 2016, a ɗauki 16, rabinsa 8, rabin 8 kuma 4, ya rabu lafiya, tana da ƙarin kwana. 2014, a ɗauki 14, rabinsa 7, bakwai kuwa ba ya rabuwa biyu daidai, ba ta da shi. Da ya sami guda ɗaya, sauran sai ya riƙa ƙara huɗu: 2012, 2016, 2020, 2024, 2028.

Kai babba ya kamata ka san akwai ɗan togaciya. Ƙarin da ke kan 365 bai cika awa shida ba, awa biyar ne da kusan minti arba'in da tara. Don gyara wannan, tsarin kalandar da aka kafa a 1582 zamanin Fafaroma Giregori na goma sha uku ya ce shekarun cikar ƙarni ba sa samun ƙarin kwana sai in suna rabuwa da 400. Shi ya sa 1900 ba ta samu ba, 2000 ta samu, 2100 ba za ta samu ba. Ko kwanakin kakan yaron za a lissafa, wannan togaciyar ba za ta shigo ba, saboda haka kada ka ɗora wa ɗan firamare ita sai in shi ya tono.

Abin da nake so ka kula da shi sosai shi ne wannan: ba shekarun ake ƙirgawa ba, ranakun 29 ga Fabrairu da yaron ya kwana a duniya ake ƙirgawa. Ka sa ya rubuta su da sunansu. Jummai ta rubuta 29 ga Fabrairu 2016, 29 ga Fabrairu 2020, 29 ga Fabrairu 2024. Sannan kowace ɗaya a yi mata tambaya biyu. An riga an haife ni kafin wannan rana? Ranar ta faɗo kafin iyakar da na rubuta a saman allo? In amsar duka biyun i ce, ta shiga gida na biyu. Na Jummai duka ukun sun shiga, sai ta rubuta 3.

Ga dalilin tambaya ta farko. Ɗan maƙwabcinmu Ɗanladi an haife shi 10 ga Afrilu 2016. Shekarar haihuwarsa mai ƙarin kwana ce, to amma 29 ga Fabrairun ta wuce da kusan mako shida kafin ya zo duniya. Ba tasa ba ce. Nasa biyu ne kawai, ta 2020 da ta 2024. Yaron da ya haddace jerin shekarun kawai zai rubuta 3, ya ƙara wa kansa kwanan da bai yi ba.

Dalilin tambaya ta biyu kuwa shi ne kada a ƙirga kwana ɗaya sau biyu. Da a ce mun yi wa Jummai lissafin nan ranar 20 ga Mayu 2024, iyakarta za ta zama 14 ga Nuwamba 2023. Ke nan 29 ga Fabrairu 2024 ta faɗo bayan iyaka, cikin guntun da ya rage. Wurinta gida na uku ne, inda za a rubuta wa Fabrairu 29. In an sa ta a gida na biyu, aka kuma rubuta 29 a na uku, an ci ta sau biyu.

Gida na uku: daga iyaka zuwa yau

Wannan gida ya fi sauran cin lokaci, kuma dole yaro ya san kwanakin kowane wata. In bai haddace ba, hannunsa zai gaya masa. Ya dunƙule hannu, ya dubi bayansa. Akwai ƙasusuwa huɗu da suka taso a gindin yatsu, tsakaninsu kuma akwai kwari uku. Ya fara daga ƙashin manuniya ya ce Janairu, kwarin da ke biye Fabrairu, ƙashi na biyu Maris, kwari Afrilu, haka har ƙashin ƙaramin yatsa, wanda zai faɗo a kan Yuli. Sai ya koma ƙashin farko ya ce Agusta, ya ci gaba har Disamba. Duk watan da ya hau ƙashi kwanansa 31. Wanda ya faɗa kwari 30, ban da Fabrairu mai 28 ko 29. Inda yara ke tuntuɓe shi ne Yuli da Agusta, domin su biyun a jere suke kuma duka 31 ne. Ka sa ya maimaita wurin har sau uku. In da Faransanci ya fi sanin sunayen watannin, kamar yawancin yaranmu na nan, ya faɗe su da Faransancin, lissafin bai damu da harshe ba.

Yanzu sai a jera, kowane wata a layinsa, da sunansa a gefe. Iyakar Jummai 14 ga Nuwamba 2024 ce. Nuwamba kwana 30 ne, a ɗebe 14, saura 16, irin ɗebewar da muka yi tun a maganar suna. Sai cikakkun watanni. Watan da muke ciki kuwa, kwanan watan yau kawai za a rubuta, domin kwanakin da suka shige a cikinsa ke nan.

Ragowar Nuwamba: 16
Disamba: 31
Janairu: 31
Fabrairu 2025: 28
Maris: 31
Afrilu: 30
Mayu zuwa yau: 20

Kada ya tara su a ka lokaci ɗaya. Ya riƙa tarawa layi bayan layi yana rubuta abin da ya samu a gefe: 16 da 31, 47. Da 31, 78. Da 28, 106. Da 31, 137. Da 30, 167. Da 20, 187. Gida na uku ya ba da 187.

In ranar zagayowar haihuwar ta faɗo cikin watan da ake ciki, ta kuma riga ta wuce, ba a bukatar wannan jeri duka. Wanda iyakarsa 5 ga Mayu ce, yau kuma 20 ga Mayu, 20 a ɗebe 5 kawai, 15. Ina faɗar wannan ne don na ga yara suna rubuta ragowar watan, su kuma ƙara kwanan watan yau a kai, amsar ta kumbura.

Sai haɗawa: 3650 da 3 da 187. Jummai ta samu 3840. Ranar 20 ga Mayu 2025, kwananta 3840 a duniya.

Yadda zai gane ko ya yi daidai

Wannan ne ɓangaren da ba na yarda a tsallake. Mu Hausawa muna da gata a nan, domin da yawa daga yaranmu suna ɗauke da ranar haihuwarsu a cikin sunansu: Ladi da Ɗanladi, Talatu, Balarabe da Balaraba, Lami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe da Ɗan'asabe. Wanda ba shi da sunan rana, mahaifiyarsa ko kakarsa ba za ta rasa tuna ranar ba.

Ranakun mako bakwai ne, kuma duk bayan kwana bakwai rana tana dawowa inda take. Wanda aka haifa Juma'a, kwanansa na bakwai Juma'a ne, na goma sha huɗu Juma'a, na saba'in Juma'a, na ɗari bakwai ma Juma'a. To in aka raba jimillar kwanakinsa da bakwai, abin da ya yi saura shi ne yawan takun da za a yi daga ranar haihuwa a iso yau.

Jummai ta raba 3840 da 7, ta sami 548, saura 4. In rabawa mai tsawo ta yi wa yaro wuya, ya riƙa ɗebe manyan bakwai-bakwai: 3840 a ɗebe 3500, saura 340, a ɗebe 280, saura 60, a ɗebe 56, saura 4. Sai na ce ta taka huɗu daga Juma'a. Ta ƙirga da yatsu, Asabar, Lahadi, Litinin, Talata. Ta dubi kalandar da ke rataye a bango, ta ɗora yatsa a kan 20 ga Mayu, ta ce, "Kawu, wallahi Talata ce!" Ban ce mata komai ba, kalandar ce ta ba ta maki.

Dubi yadda wannan gwaji ke kama kuskure. Na Ɗanladi: shekara tara zuwa 10 ga Afrilu 2025, 3285. Ƙarin kwana 2. Ragowar Afrilu 20, da 20 na Mayu, 40. Jimilla 3327. A raba da 7, 475 saura 2. Taku biyu daga Lahadi, Litinin, Talata. Daidai. Da ya sa 29 ga Fabrairu 2016 da ba tasa ba, da ya sami 3328, saura 3, ya sauka a Laraba alhali yau Talata. Kuma yadda amsar ta kauce yana nuna inda za a duba. In ya wuce yau da kwana ɗaya, ko ya ƙirga ranar haihuwar, ko ya ƙara 29 ga Fabrairun da ba ta shiga ba, ko ya ba wata mai 30 kwana 31. In ya gaza da biyu ko uku, galibi ya manta gida na biyu ne gaba ɗaya.

Gwajin yana da iyaka, kuma gara ka san ta. Kuskuren da ya zo daidai bakwai, ko goma sha huɗu, ko ashirin da takwas, ba zai bayyana ba. Mafi haɗari shi ne yaro ya tsallake Fabrairu ɗungum a jerinsa. Kwana 28 mako huɗu ne cif, saboda haka ranar za ta fito daidai alhali amsar ta ragu da wata guda. Maganinsa shi ne abin da na ce tun farko, kowane wata a layinsa da sunansa, sannan yaro ya karanta jerin da ƙarfi daga sama zuwa ƙasa. Kunne yana jin gurbin in an tashi daga Janairu an faɗa Maris. Ya kuma duba cewa gida na uku bai kai 366 ba. In ya kai, to akwai cikakkiyar shekara da ta ɓuya a ciki, iyakar da aka rubuta ba ta ƙarshe ba ce.

Wani lokaci lissafin yaro daidai ne, amma sunan da takardar ne suka saɓa da kwana ɗaya. A wurinmu daren Juma'a yana shiga ne tun faɗuwar ranar Alhamis, ita kuwa takarda sai ƙarfe goma sha biyun dare take sauya kwanan wata. Yarinyar da aka haifa bayan isha'i ranar Alhamis, gida za su iya kiranta Jummai, asibiti kuma ta rubuta kwanan watan Alhamis. In an sake lissafi sau biyu ana samun bambancin kwana ɗaya, a tambayi uwar ko da dare ta haihu kafin a ɗora wa yaron laifi.

Idan ranar haihuwar ba ta tabbata ba

A arewacin Kamaru da Chadi wannan ba baƙon abu ba ne. Akwai yaran da aka haifa a gida, ba a yi musu takarda ba sai da za su zana jarrabawar gama firamare, aka bi ta kotu aka samo. Wata takardar shekara kawai ta nuna, wata kuma an sa mata 1 ga Janairu don cike gurbi. A fara neman katin rigakafi ko katin awon ciki na uwar, sau da yawa a nan ainihin ranar take. In ba a samu ba, a yi lissafin da ranar da ke takarda, a gaya wa yaron a fili cewa amsarsa ta kusa ce, kuma gwajin bakwai ba lalle ya dace da sunansa ba.

In a aji ne ko cikin taron yara, don Allah kada a bar irin wannan yaro yana zaune sauran suna ɗaga allo. A ba shi ranar da aka tabbatar da ita ya lissafa daga nan: haihuwar ƙaninsa, ko ranar da Kamaru ta sami 'yanci, 1 ga Janairu 1960, ko ta Chadi, 11 ga Agusta 1960. Hanyar ɗaya ce, kuma in ranar 'yanci ya ɗauka, shi ne ma zai fito da lambar da ta fi ta kowa girma.

Kaka kuma za ta iya cewa ita da watan Musulunci ta sani. An haifi Jummai a watan Muharram na 1436, ranar da muka yi lissafin kuwa muna cikin Zulƙida 1446. A lissafin kaka shekararta goma da wata goma, a na makaranta goma da wata shida. Duka biyun gaskiya ne, domin shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta boko da kimanin kwana goma sha ɗaya. Kwanakin da yarinyar ta kwana dai 3840 ne ta kowace fuska. Sai dai ban ba da shawarar a yi wa ɗan firamare lissafin da watannin Hijira ba, saboda wata yana yin 29 ko 30 ne bisa ganinsa, ba a iya karanta shi a bayan hannu. A mayar da ranar zuwa kalandar boko tukuna, da sanin cewa za a iya samun saɓanin kwana ɗaya ko biyu.

Wanda aka haifa ranar 29 ga Fabrairu kuwa, ya fi sauƙi ya yi tsalle huɗu-huɗu. Kowace shekara huɗu kwana 1461 ce, wato 365 sau huɗu da ƙarin ɗaya. Daga 29 ga Fabrairu 2016 zuwa 29 ga Fabrairu 2024 tsalle biyu ne, 2922, sai ya ci gaba da jera watanni daga Maris 2024. Shi kaɗai ne jerinsa zai iya wuce 366 ba tare da kuskure ba.

Bayan an gama da hannu, a nan waya ko kwamfuta za ta iya shigowa a matsayin shaida. A manhajar teburin lissafi da aka saita da Faransanci, irin wadda aka fi samu a ofisoshi da shagunan buga takardu na nan, a rubuta wannan a gida ɗaya:

```
=DATE(2025;5;20)-DATE(2014;11;14)
```

Za ta ba da 3840. In kwanan wata ta nuna maimakon lamba, a sauya tsarin gidan zuwa lamba. A wadda aka saita da Ingilishi, waƙafi ake sawa tsakanin lambobin.

Hanyar da za ka san ko abin ya zauna ita ce ka juya masa tambayar. Na ce wa Jummai ta nemo ranar da za ta cika kwana 4000. Saura 160 ke nan daga 20 ga Mayu. Ragowar Mayu 11, Yuni 30 ya kai 41, Yuli 31 ya kai 72, Agusta 31 ya kai 103, Satumba 30 ya kai 133, saura 27 a cikin Oktoba. Ranar 27 ga Oktoba 2025 ke nan. Ta raba 4000 da 7, saura 3, taku uku daga Juma'a ya kai ta Litinin, ta buɗe kalanda zuwa Oktoba ta tarar da 27 a layin Litinin. Naka yaron ma ka ba shi irin wannan, da lambar dubu ko ɗari biyar da ke gabansa, sannan washegari ka miƙa masa takardar haihuwar ƙanwarsa ya yi nata daga farko ba tare da ka sa baki ba.